Rubuta Batun Ladabtarwa a Littafin Zaman Ƙungiyar Ɗalibai

A ce majalisar zartarwar ƙungiyar ɗalibai ta zauna kan ma'ajinta, bisa zargin cire naira 40,000 ba tare da sa hannun shugaba ba. Idan sakatare ya rubuta "ma'aji ya ci kuɗin ƙungiya", ya yanke hukunci tun kafin a saurari kowa. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne wanda ya kawo ƙorafin, da sashen kundin tsarin ƙungiya da ake zargin an karya, da ranar da aka miƙa wa ma'ajin takardar gayyata.

Sannan sai martaninsa. Idan ya ce kuɗin na hayar motar taro ne, kuma ya nuna rasit, a rubuta hakan da kalmominsa, a haɗa kwafin rasit ɗin. In bai zo ba, a rubuta cewa an gayyace shi bai halarta ba. "Ya ƙi kare kansa" fassarar sakatare ce kawai. Wanda ya kawo ƙara kuwa, bai dace ya kaɗa ƙuri'a ba, kuma littafin ya nuna ya janye. Kafin a amince da bayanan a zama na gaba, a karanta wa ma'ajin sashensa, ya gyara abin da aka juya masa.