Shafin intanet na shago: a yi ciniki a fili, a karɓi makulli a hannu

 Yau za mu yi magana kan shafin intanet na shago, wanda sau da yawa ɗan'uwa na waje ne ke turo kuɗin yinsa, wani matashi a Maraɗi ya haɗa. Abin da muke son a riƙe guda ne: shafi kamar rumfar kasuwa yake, akwai kuɗin gini, akwai kuɗin haya, akwai kuma makulli.

Mu ɗauki misalin tela. Shafinsa ba ya buƙatar tarkace. Sunan shago, kwatancen wurin, hotunan ɗinki kamar 10, lambar waya, sai maɓallin da in an taɓa zai buɗe WhatsApp kai tsaye. Ga yadda ake rubuta adireshin maɓallin:

```
https://wa.me/227XXXXXXXX
```

227 lambar Nijar ce, sai lambobi 8 na mai shago su biyo, ba alamar + ba tazara. Hotuna kuma a rage musu nauyi. Hoton salula guda kan kai mega 3 ko 4, to in an zuba 10 haka nan, mai saye a ƙauye inda rezo ke da rauni zai gaji ya rufe kafin ya ga riga ko ɗaya.

Sai ciniki. Nan ne rigima ke farawa, don mai shago yana jin ya biya ke nan har abada, alhali kuɗin kashi biyu ne. Na farko ladan mai haɗawa, sau ɗaya ake biyansa. Na biyu haya ce ta shekara-shekara: ta sunan shafin, wanda ke ƙarewa da .com ko .ne na ƙasarmu, da ta ma'ajiyar da shafin ke zaune a cikinta. A misalinmu, a ce an shirya kan jika 60 na aiki, haya kuma jika 20 a shekara. Shekarar farko tela zai fitar da jika 80, kowace shekara bayanta jika 20. Wannan lissafin misali ne, ba farashin kasuwa ba. A ba da rabin ladan aiki kafin alƙalami, sauran sai ranar miƙawa. A rubuta a takarda gaban shaida: hotuna nawa, gyara sau nawa ne kyauta, wace rana za a gama, kuma nawa za a biya in an zo canza hoto daga baya. Mai aikin ma takardar nan kariya ce gare shi, don kar a riƙa kiransa kullum ana cewa ƙara wannan, cire wancan.

Ranar miƙawa, kada a tsaya ga kallon shafin a kwamfutar mai aikin. Tela ya buɗe shi a wayarsa, da rezon garinmu, ya taɓa maɓallin ya ga ko lambarsa ce ta fito. Ɗan'uwan da ke waje shi ma ya gwada daga can. Sannan a zo ga makulli. Sunan shafin da ma'ajiyar duka an yi rajistarsu da wani imel. Ya kamata imel ɗin ya zama na mai shago tun farko, kuma a ranar ya shiga da hannunsa ya canza lambar sirri. In mai aikin ya ce a bar komai wurinsa, to ku sani rumfar tasa ce, ku ƴan haya ne. Ran da ya yi tafiya ko ya canza lamba, ba mai iya taɓa shafin.

Abu na ƙarshe, ranar ƙarewar haya. In sunan .com ne, kowa zai iya rubuta shi a lookup.icann.org ya ga ranar da idonsa. In ta wuce ba a biya ba, shafin zai daina buɗewa. Akwai ɗan lokacin jinkiri, bayansa kwana 30 da ake iya fanso sunan da tsada, daga nan sai a sake shi, duk wanda ya riga ya saya. Sunan da kuka buga a allon shago da leda sai ya koma hannun wani.

Don haka a rubuta ranar nan a littafin bashi na shago, a tura wa ɗan'uwan da ke waje, a biya da saura wata guda. Cikon kuɗin aiki kuwa, sai makulli ya shigo hannu. Allah ya ba da kasuwa.