Turancin Da Ake Rubuta Wa Mai Masaƙa A Ƙasar Sin

Yawancin masu masaƙun da 'yan Kantin Kwari ke sayen yadi a wurinsu, a Guangzhou ko Keqiao ta lardin Zhejiang, a makaranta suka koyi Turanci kamar yadda mu ma muka koya. Da yawansu ma idan saƙo ya shigo ta WeChat, maɓallin fassara suke dannawa su karanta shi da Sinanci. Saboda haka Turancin burgewa ba shi da amfani a nan. Abin da ake so shi ne jimlar da ba za a fahimce ta ta hanya biyu ba.

Mu ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa yana son yadi dubu goma na farar shadda, a yi lodinta ranar 10 ga Nuwamba, sai ya rubuta: "Kindly do the needful on the 10,000 by 10/11 and revert." A Kano ko Legas kowane ma'aikacin ofis zai gane nufinsa. A Keqiao kuwa tarko uku ya ɗana wa kansa.

Lambar ita ce ta fi haɗari, domin bai faɗi ma'auni ba. Mu da yadi muke ciniki, turmin atamfa ma yadi shida ne, su kuma ma'auninsu na yau da kullum mita ne. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne, ke nan yadi 10,000 mita 9,144 ne. Idan masaƙa ta ɗauka mita yake nufi, za ta saƙa ƙarin mita 856 da bai nema ba, kuma shi zai biya. In kuwa a wurin farashi aka samu saɓanin, shi yana lissafi da mita su da yadi, sai kaya sun iso zai ga kuɗin bai yi daidai da tsawon ba.

Sai kwanan wata. Sinawa da shekara suke farawa, sannan wata, sannan rana, don haka 10/11 a idonsu 11 ga Oktoba ce. Maganin wannan mai sauƙi ne: a rubuta sunan watan da haruffa. Kalmomin "needful" da "revert" kuwa Turancin ofisoshinmu ne. Ta farko ba ta faɗi aikin da za a yi ba, ta biyu kuma na'urar fassara na iya mayar da ita "a koma yadda ake a da", alhali amsa ake nema. Ga yadda ya kamata saƙon ya kasance:

```
Please make 10,000 yards (9,144 metres) of white brocade.
Price: USD 1.20 per yard, FOB Ningbo.
Please ship on 10 November 2026.
Can you ship on this date? Please reply by 5 October.
```

Kowane layi magana ɗaya yake ɗauke da ita. Farashin misali ne kawai, amma a lura an rubuta USD, saboda Hong Kong ma sunan kuɗinta dala. FOB kuma ƙa'ida ce cikin Incoterms da Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya ke fitarwa, ma'anarta a cikinsu ita ce: nauyin kaya yana kan mai sayarwa har ya ɗora su a jirgin ruwa a tashar da aka ambata.

Akwai wani wurin da na fi so a kula da shi, wato tambaya mai korewa. Idan ka rubuta "You have not shipped the goods?" Basine ya amsa "Yes", sau da yawa nufinsa shi ne, e, ban aiko ba. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin mu ma in an ce "ba ka tafi ba?" muna iya cewa "e". Bature kuwa zai ɗauka an aiko. To wanne za ka ɗauka, alhali kuɗinka na hannun mutane? Ka tambaya kai tsaye, "Did you ship the goods?", ka kuma nemi lambar kwantena.

Sauƙaƙa magana ba rashin ladabi ba ne. Gaisuwa layi ɗaya da godiya a ƙarshe sun wadatar. Abin da ke ɓata saƙo shi ne a binne buƙata a ƙarƙashin doguwar gaisuwa har mai karatu ya kasa gano abin da ake so ya yi. Kana iya gane ba a fahimce ka ba idan ka yi tambaya uku aka amsa ɗaya, ko aka turo "OK" kawai. In ka ga haka, kada ka tura kuɗin kafin alƙalami tukuna. Ka roƙe shi ya sake rubuto maka adadi, ma'auni, farashi da rana a takardar farashinsa, ka gwada su da naka layi bayan layi.