Cikin Yara Goma, Nawa Ne? Yadda Ake Mayar wa Jama'a Sakamakon Bincike

Ɗalibin jami'a yakan shiga gari da takardun tambayoyi, mai unguwa ya haɗa shi da ɗan rakiya, matan gida su bar aikinsu su zauna suna ba shi amsa. Daga nan sai a ji shi shiru. Kundin digiri ya kammala, an ɗaure shi da bango mai kauri, an jera shi a ɗakin karatu, amma waɗanda suka ba da amsoshin ba su san abin da aka gano a kansu ba. Wannan tauye haƙƙi ne. Ƙa'idojin Helsinki, waɗanda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964, sun faɗa a gyaran da aka yi musu a 2013 cewa a bai wa duk wanda aka yi binciken lafiya da shi damar sanin sakamakon. Sai dai komawa garin ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne a faɗi abin da alƙaluma suka nuna da harshen da tsohuwa za ta gane, ba tare da an ƙara gishiri ko an rage gaskiya ba.

Mu ɗauki misali, da alƙaluman da na tsara don bayani kawai. A ce wata ɗalibar kiwon lafiyar al'umma ta gwada jinin yara 400 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙarshen damina, ta kuma tambayi iyaye ko yaron ya kwana a gidan sauro daren jiya. Yara 200 sun kwana a ciki, 40 daga cikinsu jininsu ya nuna ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Sauran 200 ba su kwana ba, 80 daga cikinsu ya nuna. A kundinta layin zai fito kamar haka:

```
OR = 2.67, p < 0.001
```

Wannan layi na malaman da za su yi mata jarrabawa ne. A ƙofar gidan dagaci, aikinta na farko shi ne ta koma ga ƙirgan mutane. Yara 120 cikin 400 shi ne kashi 30 cikin ɗari, amma gara ta ce, "Cikin kowane yara goma da muka gwada, uku suna ɗauke da ƙwayar cutar." Masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, Gerd Gigerenzer, tare da abokin aikinsa Ulrich Hoffrage, sun nuna tun 1995 cewa mutane sun fi yin lissafi daidai idan aka ba su adadin mutane maimakon kashi-kashi, kuma daga baya an ga haka har ga likitoci. Don haka wannan ba raina fahimtar ƙauye ba ne. Haka ƙwaƙwalwar kowa take.

Ta shimfiɗa tabarma, ta jera wake goma a hannun dama, biyu ja, takwas fari: waɗannan su ne masu kwana a gidan sauro. A hannun hagu wasu goma, huɗu ja, shida fari. Kowa zai gani da idonsa, biyu a nan, huɗu a can. Kada ta ce "ɗaya cikin biyar" a gefe guda sannan ta ce "huɗu cikin goma" a ɗaya gefen. Ma'aunin ya zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe, in ba haka ba mai sauraro zai ɓata wajen kwatantawa.

A nan ne ɗalibai da yawa suke faɗawa rami. Sai su kalli 2.67 su ce, "Yaron da ba ya kwana a gidan sauro ya fi kamuwa kusan sau uku." Ba haka ba ne. Wannan lamba ba ta kwatanta masu cutar da dukan yaran rukuninsu. Tana kwatanta su ne da marasa cutar, wato 80 a kan 120 a gefe ɗaya, 40 a kan 160 a ɗaya gefen, sannan a raba na farko da na biyu. Idan cuta ta yawaita a cikin jama'a, lambar takan zarce ainihin ninkin. Waken da ke kan tabarma ya riga ya faɗi gaskiya: huɗu ninkin biyu ne. Duk jumlar da ba ta dace da ƙirgan wake ba, a sake duba ta.

Sai batun tabbas. Wani dattijo zai iya tambaya, "'Yar nan, ai ba duk yaran garin kika gwada ba." Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin kundin. Mai sayen gero yakan ɗebi tafi guda daga buhu ya san ingancinsa, amma ya san tafi na biyu ba zai yi daidai da na farko sak ba. Da yara 400 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, lissafi yana ba da tazara daga kusan 26 zuwa 35 cikin ɗari. Sai ta ce, "Baba, gaskiyarka. Da za a gwada kowa, da wuya adadin ya yi nisa da uku cikin goma." Ita kuwa alamar p, iyakar abin da take faɗa shi ne: da gidan sauro ba shi da alaƙa da cutar, da wuya a ga tazara mai girman wannan don dacen zaɓe kawai. Inda kuma bambancin bai kai ba, a ce tsakanin maza da mata, ta ce, "Ba mu ga bambancin da za mu dogara da shi ba." Wannan ba ɗaya yake da cewa babu bambanci ba.

Akwai abin da bincikenta ba zai iya tabbatarwa ba, kuma ina ganin faɗinsa a fili ya fi komai ƙara mata mutunci. Sau ɗaya ta leƙa gidajen. Mai yiwuwa masu gidan sauro su ne masu ɗan hali, ko waɗanda suke nesa da kududdufi. Saboda haka kalmarta ita ce "mun ga", ba "ya jawo" ba. Tana iya ƙarawa da cewa manyan gwaje-gwaje, irin wanda aka yi a Navrongo ta arewacin Ghana a shekarun 1990, sun nuna gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara, kuma abin da ta gani ya dace da su. Ta kuma bayyana cewa yaro yana iya ɗauke da ƙwayar cutar yana wasansa ba zazzaɓi, kuma alƙaluman na ƙarshen damina ne, lokacin da sauro ya fi yawa.

Sirri ma yana iya tonuwa ta hanyar lamba. Idan ta ce a wata unguwa mai gida takwas, gida shida ba sa ɗaura gidan sauro, kowa ya san su wane ne. Irin waɗannan ƙananan rukunoni a haɗe su da wasu, kuma kada a jera unguwanni daga gwani zuwa na baya.

Tun da iyaye mata ne suka amsa yawancin tambayoyin, zaman ƙofar fada kaɗai bai wadatar ba. A yi nasu daban, a cikin gida ko a makarantar Islamiyya. Kafin ranar taro ta gwada bayanin a kan mutum biyu ko uku, kamar ungozoma da wani manomi. Kada ta tambaye su ko sun gane, don kunya za ta sa su ce e. Ta ce, "Inna, in maƙwabciyarki ta tambaye ki me aka gano, me za ki gaya mata?" Idan amsar ta dawo "duk yaran garin ba su da lafiya", ko "gwamnati za ta kawo magani", to akwai jumlar da ke buƙatar gyara kafin a tara jama'a. Bayan taro ta bar takarda shafi ɗaya, da boko da ajami, a hannun dagaci da ma'aikacin asibitin garin.