Ya kai ƙarar zamba wurin shugabanninsa, doka ta ce bai isa ba

Paul Somers mataimakin shugaba ne a wani kamfanin Amurka mai suna Digital Realty, wanda ke gina manyan ɗakunan ajiyar kwamfutoci yana ba da su haya. Ya yi aiki a can daga 2010 zuwa 2014. A cewarsa, ya lura ana karya dokokin da suka shafi hannun jari a cikin kamfanin, sai ya yi abin da kowane ma'aikaci mai kunya zai fara yi: bai fita da maganar waje ba, ya kai ta wurin manyan shugabanninsa. Ba da jimawa ba aka sallame shi.

Ya garzaya kotu yana neman diyya a ƙarƙashin dokar Dodd-Frank ta 2010, wadda ta hana a yi wa mai kwarmata zamba ramuwar gayya. Kotun farko da kotun ɗaukaka ƙara duk sun ce yana da hurumin shigar da ƙarar. Amma a watan Fabrairun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wannan hukunci, kuma babu alƙali ko ɗaya da ya goyi bayansa. Kotun ba ta ce ƙarya ya yi ba, ba ta ma taɓo batun zambar ba. Abin da ta duba shi ne wanda dokar ta amince ta kare: mutumin da ya kai bayani ga SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari. Somers bai taɓa kai wa SEC komai ba kafin a kore shi. Saboda haka inuwar dokar ba ta kai kansa ba.

Abin takaicin shi ne akwai wata dokar da aka yi musamman domin irinsa. A 2002, bayan durƙushewar Enron, wata mai binciken kuɗi ta cikin gida a kamfanin sadarwa na WorldCom, Cynthia Cooper, ta gano an ɓoye kashe-kashen kuɗi na kusan dala biliyan 3.8 domin kamfanin ya nuna riba, ta kai maganar ga kwamitin binciken kuɗi na hukumar daraktoci. A watan Yulin wannan shekarar aka sa hannu kan dokar Sarbanes-Oxley. Sashe na 806 na dokar ya ce kamfanin da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwa ba shi da ikon korar ma'aikaci, ko rage masa matsayi, ko dakatar da shi, ko tsoratar da shi, don ya kai rahoton zamba, ko da shugabansa na ofis kawai ya faɗa wa. Ba kuma sai an tabbatar an yi zambar ba. Ya isa a ce yana da dalilin da mai hankali, in an sa shi a matsayinsa, zai yarda cewa ana yin ta.

To me ya hana Somers cin moriyarta? Wa'adi. Wannan doka ba ta barin mutum ya wuce kotu kai tsaye. Sai ya fara shigar da koke a Ma'aikatar Ƙwadago cikin kwana 180 daga ranar da aka yi masa ramuwar, ko ranar da ya san an yi. Somers bai shigar ba. Wata shida yana da yawa a baki, amma ga wanda aka kora, yana neman wani aikin, yana sa ran ko za a sasanta a mayar da shi, kafin ya farga sun ƙare. Ita Dodd-Frank tana ba da shekara shida, tana kuma ninka albashin da aka rasa sau biyu, shi ya sa ta fi jan hankali. Sai dai sharaɗinta shi ne wanda bai cika ba.

A ganina wannan hukunci, ko da ya bi harafin doka, ya bar gurbi mai ciwo. Kamfanoni suna roƙon ma'aikata su fara kawo matsala cikin gida, su ma ma'aikatan haka suka fi so, domin ba kowa ke son a ce ya tona asirin inda yake cin abinci ba. Amma wanda ya bi wannan hanya ta mutunci shi ne ya tashi da kariya mafi gajeren wa'adi.

Ko an shigar da koke a kan lokaci, da sauran aiki. Babu kamfanin da zai rubuta a takardar sallama cewa an kori mutum don ya yi magana. Cewa za a yi ana rage ma'aikata, ko aikinsa ya yi rauni. Sau da yawa ma ba a fara da kora: a daina kiransa taro, a ɗauke masa fayilolin da yake kula da su, rahoton ƙwazonsa da ya saba fitowa da kyau ya lalace kwatsam, a tura shi reshe mai nisa. Dokar ta san da haka, shi ya sa ta sassauta wa ma'aikaci. Abin da zai nuna kawai shi ne rahoton nasa yana cikin abubuwan da suka jawo matakin, ko da ba shi ne babban dalili ba. Daga nan nauyi ya koma kan kamfanin, ya kawo hujja ƙarara cewa ko da bai yi magana ba da an kore shi. A 2024, a shari'ar Trevor Murray da bankin UBS, Kotun Ƙolin ta ƙara fayyace cewa ba lallai ma'aikaci ya tabbatar da mugun nufi a zuciyar shugabansa ba.

Nan ne rubutu yake da rana. Wanda ya shiga ofishin manaja ya faɗa da baki ya fito, gobe ana iya cewa ba a yi haka ba. Wanda ya aika imel mai kwanan wata, ya faɗi lambar rasit da adadin kuɗin da ranar da aka biya, ya bambanta abin da ya gani da idonsa da abin da yake zato, ya kafa hujjar cewa kamfanin ya sani, kuma ya san yaushe. Idan aka sallame shi mako uku bayan haka, alhali rahoton ƙwazonsa na baya mai kyau ne, jerin kwanakin kansu shaida ne. Sai dai a yi hattara da kwashe takardun kamfani a kai gida ba tare da shawarar lauya ba, musamman masu ɗauke da bayanan abokan ciniki, domin hakan na iya miƙa wa kamfanin dalilin korar da yake nema.

Mai karatu a Kano ko Kaduna kada ya ɗauka irin wannan kariya na jiransa. Shirin kwarmato da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayyar Najeriya ta fito da shi a Disambar 2016, mai alkawarin tukuicin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, manufar gwamnati ce ba dokar majalisa ba, kuma hankalinsa ya fi karkata ga dukiyar gwamnati. Ma'aikacin banki yana da ɗan abin riƙewa, domin tun 2014 Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna su buɗe hanyar karɓar irin wannan rahoto, su kuma guji cutar da wanda ya kawo shi. Wanda aka sallama daga wani kamfanin daban, hanyarsa ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ƙalubalanci korar. Ghana kuwa tana da dokar majalisa tun 2006, wadda ta ba wanda aka musguna wa don ya fallasa ɓarna damar kai kuka ga hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, wato CHRAJ, tun kafin maganar ta kai gaban Babbar Kotu.