Dalilin Da Ya Sa 'Yan Sari Ke Ƙin Ƙara Wa'adin Bashi A Agege

AGEGE, LEGAS: Galibin cinikin da ke tsakanin 'yan sari da 'yan kiri a unguwannin Hausawa na Legas bisa bashi yake tafiya. Mai shago kan ɗauki kaya yau, ya biya bayan mako ɗaya ko biyu. Tsohuwar al'ada ce, domin Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a 1969 game da Sabon Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi, maigidan baƙi kuma ya tsaya wa fatake. Sai dai idan mai shago ya nemi a tsawaita masa wa'adi, sau da yawa amsar da yake samu ita ce a'a, kuma akan ba shi ita a rubuce.

A ɗauki misalin ɗan sarin wake a Agege a ƙarshen shekarar 2024, wanda ke sayo kayansa a kasuwar Dawanau ta Kano. Wani mai shago da ke ɗaukar kayan naira miliyan 1 a wurinsa bisa wa'adin kwana 14 ya roƙi a mayar masa da shi kwana 45, saboda kasuwa ta yi sanyi. Wasiƙar amsa takan fara da sallama da tambayar iyali, ta kira shi Malam, ta yaba masa bisa cika alkawarin da ya saba. Daga nan sai ta shiga lissafi.

A ce ɗan sarin da kuɗi hannu yake saye, kuma sayen kaya da lodi da tafiyar mota zuwa Legas na cin mako guda. Idan aka haɗa da kwana 14 na bashi, kuɗinsa na dawo masa bayan kwana 21, wato jarinsa na juyawa kusan sau 17 a shekara. Idan wa'adin ya koma kwana 45, sai ya jira kwana 52, juyin ya sauka zuwa sau 7. In ribarsa kashi 5 cikin 100 ce a kowane juyi, miliyan ɗayan da ke kawo naira 850,000 a shekara za ta koma kawo naira 350,000 kawai. Ba wanda ya cinye masa ko kwabo, amma fiye da rabin ribar ta tafi.

Da ma zai iya cike giɓin da rancen banki, sai dai a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke cajin ƙananan 'yan kasuwa. In aka ƙiyasta kashi 30, ƙarin kwana 31 zai ci kimanin naira 25,000 daga ribar naira 50,000. Ga kuma hauhawar farashi, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na wannan shekarar. Kuɗin da ya daɗe a hannun wani, in ya dawo, ba lallai ya sayi buhunan da ya saya a da ba.

Wani zai ce me ya hana ɗan sarin ya ƙara wa'adin, ya ɗora wani abu a kan bashin? Wannan ƙofa a rufe take, domin ƙara kuɗi a kan bashin da ya riga ya hau kan mutum saboda jinkirin biya shi ne ainihin cin ruwan da Musulunci ya haramta. Saboda haka jinkirin kyauta zai bayar, ko ya hana.

Akwai kuma abin da wasiƙar ba ta faɗa. Wake ba atamfa ba ne. Buhun da ke shagon unguwa bai cika yin wata ɗaya da rabi ba a sayar da shi ba. Mai neman kwana 45 ƙila ya riga ya sayar, ya toshe wata kafa da kuɗin. Tsofaffin 'yan kasuwa kan lura da alamu: biya gutsi-gutsi, aiko yaro maimakon zuwa da kai, ko a ji labarin mutum na saye da kuɗi hannu a wani wuri. Kuma sirrin kasuwa ba ya kwana, in an ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, gobe goma za su zo.

Duk da haka wasiƙar kirki ba ta korar abokin ciniki. Takan ba shi zaɓi: ya rage ɗauka zuwa kayan naira 500,000 a kan kwana 14 ɗin, ko ya biya rabi a mako na farko, sauran a mako na uku. Wannan na biyun, in aka daidaita, kwana 14 ɗin ne dai. Takan rufe da adadin bashin da ke ƙasa, da ranar da za a biya shi, da wurin sa hannun mai shagon da na wanda ya tsaya masa.