Daga hoton ƙarshe ake fara rubuta barkwanci

Mai yin bidiyon barkwanci don TikTok ko Instagram ba shi da sa'a guda irin wadda marigayi Rabilu Musa Ibro yake samu a fim. Daƙiƙa 45 gare shi, ga yatsan mai kallo a kan gilashin waya yana jiran dalilin wucewa. Shi ya sa gwanaye suke fara rubutu daga ƙarshe. Sai sun san hoton da za a rufe da shi, wanda zai ba da dariya ba tare da an ce uffan ba, sannan su koma baya su share masa hanya.

Mu ɗauki misalin tela a jajiberin Sallah. Hoton ƙarshe shi ne a-daidaita-sahu yana tafiya, ƙafafun mutum sun leƙo ta gefe a sandare, tef ɗin awo yana reto. Aikin marubuci shi ne ya nuna yadda aka yi tela ya kai ga wannan hali.

A raba takarda gida biyu, hagu abin da za a gani, dama abin da za a ji. Shimfiɗa ta ci daƙiƙa 8. Tela ya hango mai kaya ya faka a-daidaita-sahunsa a ƙofar shago, ga yadinsa a ninke ko almakashi bai taɓa shi ba. Sai ya zura babbar riga, ya shiga tsakanin mutum-mutumi biyu na tallan ɗinki, ya ƙame, amma ya manta da tef a wuyansa. A nan mai kallo ya san wane ne, me yake gudu, kuma ya san abin da mai kaya bai sani ba. Tef da a-daidaita-sahu dole su bayyana tun yanzu, domin abin da ba a shuka a farko ba, in ya fito a ƙarshe, sai ya zama kamar daga sama ya faɗo.

Sai hauhawa, mataki uku, kowanne daƙiƙa 10. Mai kaya ya tambayi yaron shago, yaro ya ce, "Yallaɓai, maigida ya tafi Kantin Kwari sayen zare." Mai kaya ya zauna jira, ya cire hularsa mai gumi ya kifa wa mutum-mutumin a ka. A mataki na biyu ya tsinci allura a ƙasa, ya ce kada ta soki wani, ya cake ta a kafaɗar mutum-mutumin. Kyamara ta matso kan idon tela, ƙwalla ɗaya ta gangaro. A na uku ya kira lambar tela, waya ta hau ruri a aljihun babbar riga, yaro ya ce, "Ai sabon samfuri ne, da caji yake aiki."

Kowane mataki ya fi na baya tsada ga tela. Na farko wulaƙanci ne, na biyu zafi, na uku tonon asiri. In za ka iya sauya jerinsu ba tare da wasan ya lalace ba, to ba hawa suke yi ba, maimaici ne, kuma a nan mai kallo yake zamewa.

Saura daƙiƙa 7. Mai kaya ya ce, "To, na riƙe wannan jingina sai an gama mini ɗinki." A yanke nan take zuwa titi. Ba a nuna ɗaukarsa ko saka shi a ciki, domin mai kallo ne zai cike giɓin da kansa, kuma a wurin cikewar dariya take fashewa. Tun da hoton waya a tsaye yake, dogo ne siriri, a ɗauko a-daidaita-sahun ta baya yana nisa da kyamara, don ƙafafun su daɗe a cikin hoto.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙarin bayani: yaro ya rugo yana ihun "Maigidana ne!", ko a liƙa sautin dariyar gwangwani. Wanda ya gane ba ya buƙata, wanda bai gane ba kuwa ihu ba zai ganar da shi ba. Masu kallon Mr. Bean sun san cewa da wuya yake magana, amma babu wanda yake neman tafinta.

Kafin a saki bidiyon, a kashe sauti, a miƙa wa wanda bai ga rubutun ba. In ya tambayi ƙafafun wa ke nan, ba ƙarshen ne ya gaza ba. A koma daƙiƙa 8 na farko, a tabbatar an ga tef ɗin a wuyan tela.