Yadda Ake Gano Ƙarfin da Ke Cikin Sandunan Gada

Injiniya yakan raba gadar ƙarfe gida biyu a kan takarda, layin yankan ya ratsa sanduna uku kacal, domin ƙa'idojin daidaito uku ne.

Ga misali. Gada mai tsawon mita 12 da tsayin mita 3, an kasa ta kashi huɗu, an ɗora tan 20 a tsakiyarta. Kowane gefe na ɗauke da tan 10. A yanka kashi na biyu, a duba ɓangaren hagu.

A mahaɗar tsakiya ta ƙasa, sandar ƙasa da karkatacciya sun haɗu, don haka ba sa juya komai a nan. Saura ta sama: 10 sau 6, a raba da 3, tan 20 na matsi. A mahaɗar sama, mita 3 daga gefe, sandar ƙasa ta fito da tan 10 na ja. Karkatacciyar kaɗai ke tare tan 10 na tsaye, sai ta ɗauki kusan tan 14 na ja.

Mai karatu ya gwada a kwance: jan ƙasa 10 da rabon karkatacciya 10 sun yi daidai da matsin 20. In ba su daidaita ba, akwai kuskure.